Burodi Nawa Kafin a Ga Riba? Lissafin Ba Riba Ba Asara da Tazarar Tsira

Duk wanda ya taɓa leƙa ƙaramin gidan burodi a Kano ko Zariya kafin kiran assalatu ya san yadda wurin yake. Hayaƙin itace ya cika rumfa, samari babu riguna suna jawo gwangwanaye daga tanderu da doguwar sanda, wasu suna shafa bota, wasu suna zuba wanda ya huce a leda. A waje kuma masu babura sun jeru, kowa da akwatin katako ɗaure a bayansa, ana ƙirga musu suna lodawa. Kafin rana ta take an kwashe komai, aljihun maigida ya cika. Mai wucewa zai rantse wannan bawan Allah ya kama hanyar arziki.

Sai dai cikar aljihu da safe ba ita ce riba ba. Mafi yawan kuɗin nan na mai fulawa ne da mai sukari a Kasuwar Singa, wani kaso na mai haya ne, wani na maigadi. Tambayar da ta dace a yi wa maigidan ita ce: burodi nawa ne dole ya sayar a wata kafin ko kwabo ɗaya ya zama nasa? Idan kuma kasuwa ta ja baya, har ina za ta iya ja kafin ya fara cin uwar kuɗi? Amsar tambaya ta farko ita ce matakin ba riba ba asara, wato inda ciniki da kashe-kashe suka tashi canjaras. Amsar ta biyu ita ce abin da za mu kira tazarar tsira.

Ɗaliban akanta da na harkokin kasuwanci suna haɗuwa da waɗannan lissafai biyu a kwalejin kimiyya da fasaha ko a jami'a, su sake haɗuwa da su a jarrabawar ƙwararru irin ta ICAN da ANAN. Da yawa sukan haddace ƙa'idar, su ci maki, amma a kai su shagon kawunsu a ce su fitar da ita, sai ido ya raina fata. Dalili kuwa shi ne a jarrabawa an riga an ware musu alƙaluma, a shago kuwa su ne za su ware.

Don haka bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Mu ƙaddara wani ɗalibi ne ya zo hutu, kawunsa mai gidan burodi ya miƙa masa littafin da yake rubuta shige da fice. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, an zaɓe su don lissafi ya fito sarai. Mai karatu yana iya cire su ya sa na kasuwar garinsu a yau, hanyar dai ba ta canzawa.

Aikin farko: raba kashe-kashe gida biyu

Littafin kawu a cakuɗe yake. Kuɗin fulawa na kusa da kuɗin gyaran babur, kuɗin haya na ƙarƙashin kuɗin leda. Abin da ɗalibin zai fara yi shi ne ya ɗauki kowane layi ya yi masa tambaya ɗaya: idan aka ƙara buhu guda a kwaɓin gobe, wannan kuɗin zai ƙaru? Idan amsar e ce, kuɗi ne mai bin kaya. Idan a'a ce, tsayayye ne, wato za a biya shi ko an kunna tanderu ko ba a kunna ba.

Masu gidan burodi da buhu suke lissafi, saboda haka mu ma mu bi su. A gidan kawu, buhun fulawa mai kilo 50 yana fitar da burodi 100 iri ɗaya. Ga abin da kowane buhu yake ci:

Fulawa, naira 55,000
Sukari, naira 7,000
Bota, naira 4,000
Yis, gishiri da sauran kayan haɗi, naira 2,500
Leda da tambari, naira 2,500
Itace, naira 2,000
Ladan masu kwaɓi da gashi, naira 2,000

Jimla naira 75,000 ke nan a buhu. A raba wa burodi 100, kowane guda ya ci naira 750. A lura da ladan masu kwaɓi: ya shigo wannan rukuni ne saboda kawu da buhu yake biyan su. Da albashin wata yake ba su, da ya koma ɗaya ɓangaren. Yadda ake biyan kuɗi shi ke nuna rukuninsa, ba sunan da aka ba shi ba.

Tsayayyun kuɗaɗen kuwa sun fi wuyar tarawa, domin wasunsu ba sa cikin littafin sam. Haya ana biyan naira 1,200,000 a shekara, sau ɗaya, don haka sai an raba ta 12 a sami 100,000 a wata. Albashin mai kula da ciniki, direba da maigadi 250,000 ne. Wutar lantarki da man janareta suna cin kusan 150,000. Lasisi, harajin ƙaramar hukuma, ruwa da ƙananan gyare-gyare 50,000.

A nan kawu zai ce an gama. Ɗalibin zai ce, “Kawu, injin kwaɓin nan da gwangwanayen da keken rabo fa, nawa ka saye su?” A ce sun tashi naira miliyan 6, kuma ana sa ran su yi shekara 5 kafin su buƙaci canji. Ke nan duk shekara suna cinye miliyan 1.2 na darajarsu, wato 100,000 a wata. Babu wanda zai zo da rasit ya karɓi wannan kuɗi, amma ranar da injin ya tsaya cak za a san cewa ana bin sa bashi tun tuni. Sai abu na ƙarshe, wanda ya fi jawo musu: ladan kawu da kansa. Yana nan tun tsakar dare har hantsi, kuma da wani ya ɗauka ya yi wannan tsayuwa, da ya biya shi aƙalla 100,000. Idan ba a sa wannan ba, abin da za a kira riba a ƙarshe wani ɓangarensa ladan gumi ne kawai.

An haɗa duka, tsayayyun kuɗaɗe sun zama naira 750,000 a wata.

Gudummawar burodi guda

Kawu yana ba masu babura burodi a kan naira 1,000. Farashin da za a yi aiki da shi ke nan, ba wanda mai shayi yake sayarwa a teburinsa ba, domin abin da ya hau kai na dillali ne. A cire 750 daga 1,000, saura 250.

Nan ne ɗalibai da ’yan kasuwa suke yin tuntuɓe iri ɗaya, su kira wannan 250 riba. Ba riba ba ce tukuna. Sunanta gudummawa, kuma sunan ya dace da ita. A ɗauka akwai rami mai zurfin naira 750,000 da ake haƙa wa kawu ranar ɗaya ga kowane wata. Duk burodin da aka sayar, bayan ya biya kuɗin fulawarsa da ledarsa, sai ya jefa naira 250 a ramin. Muddin ramin bai cika ba, babu riba. Ranar da ya cika, duk 250 da ta biyo baya ta kawu ce.

Da zarar an gane haka, ƙa'idar ba ta buƙatar hadda. Tambayar kawai ita ce 250 nawa ne za su cike 750,000. A littattafan karatu ga yadda ake rubuta ta:

```
BEP = FC / (SP - VC)
BEP = 750,000 / (1,000 - 750) = 3,000
```

FC su ne tsayayyun kuɗaɗe, SP farashin sayar da guda ɗaya, VC kuɗin da guda ɗaya ya ci, BEP kuma yawan kayan da za a sayar a tashi canjaras. Amsa: burodi 3,000 a wata. Da yaren kawu, buhu 30 ke nan, ko buhu ɗaya kullum idan ana aiki kwana 30.

Ɗalibi mai hankali ba ya barin amsa bai gwada ta ba. Burodi 3,000 a kan 1,000 ya kawo naira 3,000,000. Kayan haɗi da lada sun ci 3,000 sau 750, wato 2,250,000. Saura 750,000, wanda shi ne daidai tsayayyun kuɗaɗe. Ba a ci ba, ba a faɗi ba.

Akwai hanya ta biyu da take ba da amsa da naira kai tsaye. A cikin kowace naira 1,000 ta ciniki, 250 ce gudummawa, wato kashi 25 cikin 100. A raba 750,000 da 0.25, a sami 3,000,000. Wannan hanya ita ce mafita ga mai kanti ko mai kemis, wanda kayansa iri ɗari ne kuma ba zai iya cewa “guda nawa” ba, amma ya san kusan nawa ke saura masa a kowace naira bayan ya cire kuɗin sari.

Idan an ce a zana, hoton ma bai wuce wannan ba. A kwance ana jera yawan burodi, a tsaye naira. Layin ciniki yana tasowa daga sifiri, layin jimlar kashe-kashe kuwa yana farawa daga 750,000 ya hau a hankali. Inda suka gicciye juna, a kan 3,000, nan ne canjaras. Injiniyoyin masana'antu a Amurka ne suka yaɗa irin wannan zane: Henry Hess ya wallafa nasa a 1903, Walter Rautenstrauch na Jami'ar Columbia kuma ya sa sunan da ake kiran sa da shi yanzu ya karɓu a shekarun 1930. Matsalar masu masana'anta a lokacin ita ce dai ta kawu: an zuba kuɗi a injuna, ana so a san yawan aikin da zai ciyar da su.

Tazarar tsira: nisan da ke tsakaninka da rami

Sanin 3,000 shi kaɗai bai faɗa mana ko kawu yana cikin kwanciyar hankali ba. Sai an san nawa yake sayarwa. Littafi ya nuna a watan da ake dubawa ya kwaɓa buhu 50, ya sayar da burodi 5,000. Bambancin da ke tsakanin abin da yake sayarwa da matakin canjaras shi ne tazarar tsira:

```
MOS = 5,000 - 3,000 = 2,000
MOS% = 2,000 / 5,000 = 40%
```

Burodi 2,000 ke nan, ko cinikin naira 2,000,000, ko kashi 40 cikin 100. Ma'anarsa a fili take: cinikin kawu zai iya faɗuwa da kashi 40 kafin ya fara asara. A kula da abin da aka raba da shi. Da 5,000 ake rabawa, wato cinikin da ake yi ko ake sa ran yi. Kuskuren da ya fi yawa a takardar jarrabawa shi ne a raba da 3,000, a sami kusan kashi 67, a ba mai sana'a kwanciyar hankalin da ba shi da ita.

Idan kawu ya ce kashi-kashin nan bai shige shi ba, ɗalibin sai ya mayar masa da shi kwanaki. “Kawu, in ciniki yana tafiya daidai kullum, kwana 18 na farko a wata wa mai haya da ma'aikata da janareta kake yi wa aiki. Kwana 12 na ƙarshe su ne naka.” Kashi 60 na kwana 30 shi ne 18, kashi 40 kuma 12. Daga nan kawu zai gane da kansa abin da rufe gidan na mako guda yake nufi, ko don injin ya lalace ko don an sa dokar hana fita: kwana bakwai ne daga cikin sha biyunsa, ba daga cikin talatin ba.

Abu na biyu da tazarar take faɗa shi ne riba kanta. Tunda burodi 3,000 na farko sun tafi wajen cike rami, ribar duka daga 2,000 na sama take fitowa. A ninka 2,000 da 250, a sami naira 500,000. A bi doguwar hanya ma nan za a sauka: ciniki 5,000,000, a cire 3,750,000 na kayan haɗi da lada, a cire 750,000, saura 500,000.

Abu na uku ya fi ɓuya, kuma shi ne ya fi amfani. Tazarar tana nuna irin girgizar da riba za ta yi idan ciniki ya ɗan motsa. A ce lokacin sabuwar masara da dankali ya kama, mutane sun rage sayen burodi, ciniki ya sauka da kashi 10 ya koma 4,500. Mai lissafin ido zai ce riba ma ta ragu da kashi 10. Ina! Burodi 500 da aka rasa daga cikin 2,000 masu kawo riba suka fita, don haka riba ta koma 1,500 sau 250, wato 375,000. Ta faɗi da kashi 25, ninki biyu da rabi na faɗuwar ciniki. Wannan biyu da rabi ba daga sama ya faɗo ba: a raba 100 da 40, shi za a samu. Da tazarar kashi 20 ce, da ninki biyar ne. Duk lokacin da tazara ta matse, ƙaramar iska ma tana kaɗa riba.

Riba ɗaya, barci daban

Don a ga dalilin da ya sa riba ita kaɗai ba ta isa hukunci ba, mu kawo wani mai burodin a unguwa ɗaya. Shi bai sayi injin kwaɓi ba, kai kwaɓinsa yake yi inda ake haya da buhu, rabon ma ’yan kamasho yake ba. Tsayayyun kuɗaɗensa 250,000 ne kacal, amma kowane burodi yana cin 850, gudummawarsa 150. Shi ma yana sayar da 5,000. Gudummawarsa 750,000, a cire 250,000, riba 500,000, daidai da ta kawu.

Amma a raba 250,000 da 150, za a sami 1,666.7. Ba a sayar da gutsuren burodi, kuma a 1,666 da sauran ’yar asara, saboda haka kullum sama ake cikawa: 1,667. Tazararsa kusan kashi 67 ce. Idan kasuwa ta yi tsami, kowa ya koma sayar da 3,000, kawu ya tashi a tutar babu, maƙwabcin kuwa yana da 200,000 a hannu.

Kada a yi saurin cewa maƙwabcin ya fi wayo. Idan kasuwa ta buɗe, kowane ƙarin burodi 250 yake kawo wa kawu, shi kuwa 150. A 5,500, kawu yana da 625,000, shi yana da 575,000, kuma ratar za ta ci gaba da faɗi. Wanda ya sayi injin ya sayi riba mai yawa a lokacin yalwa, ya biya da hatsari a lokacin ƙunci. Tazarar tsira ba ta ce wannan ne daidai ko wancan ba. Tana nuna wa kowa irin cinikin da ya ƙulla ne, don ya duba ko kasuwarsa mai tabbas ce ko mai hawa da sauka.

Ranar da fulawa ta tashi

Zuwa yanzu ciniki kawai muke motsawa, matakin canjaras yana zaune a 3,000. A zahiri shi ma yana tafiya, kuma ’yan kasuwar Najeriya sun ga tafiyarsa da idonsu. An sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, a watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, a Afrilun 2024 kuma kuɗin wuta na masu rukunin A ya tashi daga kusan naira 68 zuwa 225 a kan yunit. Alkamar da ake niƙa fulawa da ita mafi yawanta daga waje ake shigo da ita, don haka tashin dala yana isowa tanderu kai tsaye.

Mu gwada abu biyu a lissafin kawu. Na farko, kuɗin wuta da mai ya ninka, daga 150,000 zuwa 300,000. Tsayayyun kuɗaɗe sun zama 900,000, canjaras ya koma 3,600, tazara ta sauka zuwa kashi 28, riba 350,000. Da zafi, amma ana numfashi.

Na biyu, wuta tana nan yadda take, amma buhun fulawa ya tashi daga 55,000 zuwa 65,000. Ƙarin kashi 18 ne kawai. Kowane burodi ya ƙara cin naira 100, ya zama 850, gudummawa ta koma 150. A raba 750,000 da 150: burodi 5,000. Daidai abin da kawu yake sayarwa. Tazarar da take kashi 40 jiya ta zama sifiri, alhali ko mai saye ɗaya bai gudu ba. Babura suna nan a jere, aljihu yana cika da safe kamar kullum, riba kuwa babu ita.

Dalilin wannan bambanci shi ne darasin da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Gudummawa siririya ce, 250 a cikin 1,000, kuma fulawa ita kaɗai ta ci 550. Ƙaramin motsi a babban abu yana cinye babban kaso na ƙaramin abu. A sana'ar da gudummawarta siririya ce, farashin kayan haɗi ya fi haya da wuta zama abin tsoro.

Me kawu zai yi? Lissafin ba zai zaɓar masa ba, amma zai auna masa kowace hanya. Idan ya mayar da farashi 1,100, gudummawa ta dawo 250, canjaras ya dawo 3,000. A ce wasu masu saye sun janye, ciniki ya koma 4,200: tazara burodi 1,200 ce, kusan kashi 29, riba 300,000. Ko da zai rasa fiye da haka, muddin bai sauka ƙasa da 3,000 ba, bai kai munin zama a tsohon farashi ba. Idan kuma ya bi hanyar da kowa ya sani, ya rage girman burodi don buhu ya fitar da 110, kuɗin buhu zai zama 85,250 idan an haɗa da ƙarin leda goma, wato 775 a guda. Gudummawa 225, canjaras 3,334. A takarda wannan hanya tana da kyau, amma takarda ba ta san ranar da mai shayi zai ɗaga burodin a hannu ya ji ya yi sakayau, ya koma wa wani gidan ba.

Inda lissafin yake yaudara

Ƙa'idar tana tsaye ne a kan wasu zato, kuma duk wanda bai san su ba za ta kai shi ta baro.

Zato na farko shi ne duk abin da aka gasa an sayar. Burodi kuwa yana yin kwantai. A ce a cikin 5,000 da aka gasa, masu babura sun dawo da 250 da ya bushe ko ya fara fumfuna. Kashi 5 ne kawai. Amma burodin da ba a gasa ba 250 kaɗai yake hana ka, wanda aka gasa ya dawo kuwa ya tafi da 750 ɗin da aka kashe masa ma, wato gudummawar burodi uku. Ciniki ya zama 4,750,000, kashe-kashe suna nan 4,500,000, riba ta koma 250,000. Rabi ya tafi, in ban da ɗan abin da masu kiwo za su bayar su kwashe busasshen. Alamar wannan ciwo ita ce a ga yawan buhunan da aka kwaɓa bai yi daidai da kuɗin da ya shigo ba.

Zato na biyu shi ne tsayayyun kuɗaɗe ba sa motsi. Gaskiya ne, amma a cikin iyaka. A ce kawu yana son ribar 750,000. Sai a haɗa ta da tsayayyun kuɗaɗe a raba da 250, a sami burodi 6,000. To idan tanderu da ma'aikatan yanzu ba sa wuce buhu 55 a wata fa? Dole a buɗe aikin rana, a ɗauki ƙarin mai kula da direba, a ce 200,000. Yanzu burodi 6,800 ake buƙata, canjaras kuma ya hau 3,800. Tsayayyen kuɗi kamar matakalar bene yake, yana zama a wuri ɗaya sai kuma ya yi tsalle. Wasu kuɗaɗen ma ruwa biyu ne. Itace mun sa shi a masu bin kaya, alhali zafafa tanderu yana cin wani abu ko buhu ɗaya za a gasa ko uku. Man janareta mun sa shi a tsayayyu, alhali yana ƙaruwa idan kwaɓi ya yi yawa. Mai son daidaito sai ya kwatanta watan da aka fi aiki da wanda aka fi ƙarancinsa, ya ga nawa kuɗin ya motsa a kan kowane ƙarin buhu, ya raba shi gida biyu.

Zato na uku shi ne kaya iri ɗaya ne. Gidan da ke yin babban burodi da ƙarami da mai yanka-yanka yana da gudummawa uku, kuma matsakaicinsu yana aiki ne kawai idan rabon cinikinsu bai canza ba. Idan aljihun jama'a ya yi zafi suka koma wa ƙaramin da gudummawarsa ta fi ƙanƙanta, jimlar ciniki tana iya zama yadda take amma canjaras ya matso.

Na ƙarshe, canjaras a littafi ba shi ne kuɗi a hannu ba. Idan masu babura da masu shayi suna ɗauka bashi su biya bayan mako, mai fulawa kuwa sai da kuɗi hannu, kawu yana iya zama sama da 3,000 nesa amma ya rasa abin sarin gobe. Wannan lissafi ne daban, na shige da ficen tsabar kuɗi, kuma tazarar tsira ba ta maye gurbinsa.

Wani gargaɗin kuma ga mai karance-karance: masu hannun jari ma suna da abin da suke kira da wannan suna, wanda Benjamin Graham ya shahara da shi a littafinsa na 1949. A wurinsu, rata ce tsakanin ainihin darajar hannun jari da farashin da ake sayar da shi. Suna ne ya zo ɗaya, lissafin daban.

Wanda yake da kwamfuta ko waya mai manhajar Excel yana iya ajiye lissafin a layi kaɗan. Ya sa farashi a B1, kuɗin guda ɗaya a B2, tsayayyun kuɗaɗe a B3, yawan ciniki a B4, sannan ya rubuta na farko a B5, na biyu a B6:

```
=ROUNDUP(B3/(B1-B2),0)
=(B4-B5)/B4
```

B5 zai ba da canjaras a cike zuwa sama, B6 kuma tazara. Idan B5 ya fito da alamar ragi ko saƙon kuskure, farashi bai wuce kuɗin guda ɗaya ba ke nan. A irin wannan hali babu yawan cinikin da zai fitar da mutum.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma gaskiya ne tsofaffin ’yan kasuwa suna jin nauyin ciniki a jikinsu ba tare da biro ba. Amma ido bai iya hango cewa ƙarin naira 10,000 a buhu zai share ribar 500,000 alhali layin babura bai ragu ba. Saboda haka, ɗalibi, in ka je hutu, karɓi littafin kawunka ko na innarka mai tuyar ƙosai. Ware abin da ke bin kaya daga abin da ke tsaye, sa ladan mai sana'ar da tsufan kayan aikinta, fitar da canjaras, auna tazara. Sannan ka rubuta kwanan wata a saman takardar, domin ranar da farashin buhu ya canza, amsarka ta tsufa, sai ka sake zama.